Tsawon bel tsakanin fuli biyu: lissafin da ya kamata a yi kafin a je shago

Abin da aikin kafa injin niƙa da na casar shinkafa ke koya wa mutum a Gombe shi ne, lissafin tsawon bel ba shi da wuya, wurin awo ne ake yin ɓarna. Da yawa daga cikin masu haɗa inji igiya suke zagayawa a kan fuli biyu, su kai wa mai shago ya gwada musu da bel. Wasu kuma tsohon bel suke ɗauka, alhali ya riga ya miƙe, lambar jikinsa ma ta goge. Dabarar igiya tana aiki idan an riga an kafa komai. Amma idan mai walda bai huda ramukan da moto zai zauna ba tukuna, babu abin da za a zagaya wa igiya, dole sai an koma ga biro da takarda.

Ana maganar buɗaɗɗen bel ne a nan, wato wanda ba a gitta shi ba, fuli biyun suna juyawa ɓangare ɗaya. Awo uku ake buƙata: faɗin babban fuli, a kira shi D, faɗin ƙaramin, a kira shi d, sai tazarar da ke tsakanin tsakiyar shaf ɗin wannan da tsakiyar shaf ɗin wancan, a kira ta C. Duka ukun su kasance da ma'auni ɗaya, in milimita ne milimita, in inci ne inci. Tsawon bel ɗin, a kira shi L, ana fitar da shi haka:

```
L = 2C + 1.57(D + d) + (D − d)² / (4C)
```

Kashi uku ne a cikinsa, kuma kowanne ana iya nuna shi da yatsa a jikin inji. Na farko miƙaƙƙen bel ne na sama da na ƙasa, shi ya sa ake ninka tazarar sau biyu. Na biyu rabin zagayen kowane fuli ne a haɗe. Na uku gyara ne: tunda fuli ɗaya ya fi ɗaya girma, bel ba ya tafiya a miƙe sak, yana ɗan karkata, yana kama fiye da rabin babban, ƙasa da rabin ƙaramin. Idan girman fuli biyun ɗaya ne, kashi na uku ya zama sifili.

A ɗauki injin niƙa da moto na lantarki mai juyi 1440 a minti. Fulin moto milimita 150, na injin 400, abin da zai sa injin ya riƙa juyi 540 a minti. An tsara tazarar milimita 600. Ninkin tazarar 1200 ke nan. Haɗin faɗin biyu 550, sau 1.57 ya ba da kusan 864. Bambancinsu 250, sau kansa 62,500, a raba da 2400, ya ba da 26. A tara duka, tsawon bel milimita 2090.

Ɗalibin kwalejin fasaha zai ce wannan lissafin kusantarwa ce kawai, akwai cikakke da ake bi ta kusurwa. Haka ne. Sai dai in an bi cikakken a wannan misali, bambancin kusan rabin milimita ne kawai. Ko an matso da moto har tazarar ta koma 300, bambancin bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Babu wanda zai iya ganin wannan da tef, don haka gajeren ya wadatar a wurin aiki. Abin da bai kamata ba shi ne a yar da kashi na uku don ana ganin ƙarami ne. A tazarar 600 inci ɗaya ne, a tazarar 300 kuwa ya zama milimita 52, inci biyu cur, lamba biyu ke nan a shago.

Awon tazarar ma yana da dabara, domin tsakiyar shaf ba wurin da ake iya kafa bakin tef ba ne, musamman in akwai noti a kai. A auna daga bayan wannan shaf zuwa bayan wancan, sannan a ɗebe rabin kaurin kowanne. Idan tef ya nuna 634, shaf ɗin moto kaurinsa 28, na injin 40, sai a ɗebe 14 da 20, a sami 600. Kuskuren milimita biyar a nan yana zama goma a tsawon bel, tunda ninka shi ake yi.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne faɗin fuli. Bel mai shiga kwarmi, wanda aka fi sani da fambel, ba a kan leɓen fuli yake hawa ba. Yana nutsewa cikin kwarmin ne, kuma igiyoyin da ke ɗaukar nauyi a cikinsa suna ɗan ƙasa da leɓen. Faɗin da lissafi ke so shi ne na wannan layin igiyoyin. A fulin bel nau'in B, mai faɗin milimita 17 da kauri 11, layin yana kusan milimita uku da rabi ƙasa da leɓe ta kowane gefe, don haka ana ɗebe 7 daga abin da aka auna a waje. Fulin da aka auna aka ga 157 shi ne mai 150, wanda aka ga 407 shi ne mai 400. Wanda ya zuba 157 da 407 a lissafi kai tsaye zai sami 2112 maimakon 2090, ya ƙara wa kansa milimita 22 bai sani ba. A nau'in A, mai faɗin milimita 13 da kauri 8, abin ɗebewa bai kai haka ba, biyar da rabi ne. Idan an buga lamba a jikin fulin, galibi wannan faɗin na aiki ne aka rubuta, sai a gwada da tef a tabbatar. Fulin da aka zuba a gida aka gyara a injin fiƙe ƙarfe kuwa, gara a sa masa guntun sabon bel a kwarmin a ga inda ya zauna, domin zurfin kwarminsa ba lallai ya bi ƙa'ida ba.

Sai kuma lambar da za a faɗa wa mai shago. Lambar da ke bayan harafi, kamar B80, tsawon cikin bel ne da inci, wato gefen da ke fuskantar fuli. Lissafinmu kuwa tsawon layin igiyoyi ya bayar, wanda ya fi na ciki tsawo. A nau'in B bambancin kusan milimita 45 ne, a nau'in A talatin da 'yan kai, kamfani da kamfani suna ɗan saɓawa. Saboda haka a ɗebe 45 daga 2090, saura 2045, a raba da 25.4, a sami inci tamanin da rabi. Bel ɗin da ake nema B80 ne ko B81. Wasu kamfanoni suna buga tsawon da milimita a gefen lambar, da Li ga na ciki, Ld ko Lp ga na layin igiyoyi, La ga na waje. In an ga Ld, shi ake kwatantawa da 2090 ba tare da ɗebe komai ba.

Yanzu a duba mutumin da ya haɗa kurakuran biyu. Ya auna leɓen fuli ya sami 2112, ya raba da 25.4 kai tsaye, ya sayo B83. Tsawon wannan bel a layin igiyoyi kusan 2153 ne, ya zarce abin da ake buƙata da milimita 63. Zai hau fuli lafiya ƙalau, har a ji daɗin sauƙin sa shi, amma kafin ya ɗaure sai an ja moto baya da milimita 32. Nan matsalar take, domin dogayen ramukan da moto ke zamewa a kai suna da iyaka.

Dokar da ke sauƙaƙa wannan ita ce duk abin da aka ƙara ko aka rage a tsawon bel, kusan rabinsa ne ke bayyana a tazarar shaf. B80 ya gaza 2090 da milimita 13, sai tazarar ta koma wajen 593. B81 ya zarce da 12, tazarar ta zama 606. Duka biyun sun yi. Abin da ya fi kyau shi ne a fara zaɓar bel ɗin da ake samu a kasuwa ba wahala, a mayar da lissafi a fitar da tazarar da ta dace da shi, sannan a huda ƙarfe. Ga bel nau'in B mai irin wannan tsawo, ana barin kusan milimita 30 ta gaba don moto ya matso a sa bel ba tare da an banƙare shi ba, da kusan 50 ta baya don a riƙa ja yayin da yake miƙewa. Mai B83 ya cinye 32 daga cikin hamsin ɗin nan tun ranar farko. Bayan 'yan makonni noti ya kai ƙarshen rami, bel yana ƙugi idan an zuba masara, gefensa yana sheƙi, fuli yana zafi, garin baƙar roba yana taruwa a ƙasa. Daga nan sai a ce kayan yanzu ba su da ƙarko.

Wanda ya sayo gajere shi ma bai tsira ba. Tunda moto ba zai ƙara matsowa ba, sai a sa sukudireba ko guntun rodi a tura bel ya haye leɓe da ƙarfi. Igiyoyin ciki suna tsinkewa a nan ba a gani, daga baya bel ya riƙa kifewa a cikin kwarmi ko ya tsinke, boris ɗin moto kuma ya riƙa ɗaukar zafi saboda tsananin ɗauri.

Akwai abu ɗaya da tsawo kaɗai ba ya nunawa, wato yawan zagayen ƙaramin fuli da bel ya kama. A tazarar 600 yana kama digiri 156. A tazarar 300 ya ragu zuwa 131, ƙarfin da zai iya ja kafin ya fara zamewa shi ma ya ragu. Ba a son a sauka ƙasa da digiri 120, kuma ana isa can ne daidai lokacin da tazarar ta yi daidai da bambancin faɗin fuli biyun. A misalinmu fuli biyun za su haɗu da juna kafin a kai nan, amma mai fuli 120 da 600 yana iya kaiwa: bambancinsu 480, don haka kada tazararsa ta gaza hakan, komai ƙuncin ɗakin injin.

Masu amfani da shimfiɗaɗɗen bel a kan injin dizal lissafinsu ɗaya ne, sai dai su a saman fuli bel yake hawa, don haka ƙara kaurin bel ake yi a kan faɗin kowane fuli, a kuma bar ɗan ƙarin tsawo na haɗa baki. Idan an gitta bel ɗin don a juya injin ɗaya ɓangaren, a kashi na uku haɗin faɗin biyu ake ɗauka a madadin bambancinsu. Da alƙalumanmu 26 ɗin nan zai koma 126.

Bayan an sa sabon bel, ana gwada ɗaurinsa a tsakiyar miƙaƙƙen ɓangaren: milimita 16 na lotsawa ga kowace mita ɗaya ta tsawon ɓangaren, da matsakaicin dannawar babban yatsa. Namu ɓangaren kusan 587 ne, don haka lotsawar wajen milimita 9 ce. Sabon bel yana zama cikin kwarmi ya ɗan saki a kwana ɗaya ko biyu na farko, sai a sake duba shi a ja moto kaɗan. Idan fulin mai kwarmi biyu ne, a sayi bel biyun tare, lamba ɗaya, kamfani ɗaya, domin in an haɗa tsoho da sabo, sabon ne kaɗai zai ɗauki nauyin.