Rahoton albasa mai mega 96: inda na kai a koyon sarrafa hoto cikin Word

Ƴan uwa masu koyo, wannan makon aikin da ya zo hannuna rahoto ne na wata ƙungiyar manoman albasa ta wajen Galmi, da sakatarensu ya kawo mini nan Tawa a kile. Shafi goma sha huɗu ne kacal, hotuna ashirin da takwas, amma nauyinsa mega 96. Suna son tura shi Yamai ta Gmail, shi kuwa Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce mega 25. Malam sakatare ya ce mini: «Ai duk na rage hotunan, dubi yadda suka zama ƙanana.» Gaskiyarsa, a ido sun zama ƙanana. Ya kama kusurwar kowanne da linzami ya ja ciki.

To jan kusurwa ba ya rage komai a nauyi. Kamar ninke zane ne, ya ƙanƙance a hannu amma yadinsa na nan. Hoton da salula mai megafiksel 12 ta ɗauka yana da fiksel 4000 a faɗi, 3000 a tsaye, kuma yakan kai mega uku zuwa biyar. Ko ka mayar da shi kamar tambarin wasiƙa a kan shafi, fiksel ɗin nan duka suna iya zama cikin takardar.

Kafin in taɓa komai sai da na leƙa cikinta, kuma wannan dabarar ita na fi jin daɗin koya a watan nan. Takardar da sunanta ya ƙare da .docx jaka ce matsattsa. Ka yi kwafinta, ka canza wutsiyar kwafin zuwa .zip, ka buɗe, ka shiga word, sannan media. Duk hotunan suna nan jere, kowanne da nauyinsa. Idan ba ka ganin wutsiyar sunan, sai ka fara kunna nuna ta a cikin Affichage na Explorateur ɗin Windows. A rahoton nan na tarar da mafi yawansu wajen mega uku-uku, sai wasu biyu da suka fi kowa, kusan mega tara kowanne, kuma wutsiyarsu .png ce. Hotunan rumbun albasa ne da aka kwafo aka liƙa. PNG ya dace da tambari, zane ko hoton allon ordinata mai rubutu, amma hoton gona da mutane JPEG ne gidansa. Na mayar da su JPEG, nan take mega goma sha wani abu suka tafi.

Sai tambayar da ta fi muhimmanci: fiksel nawa hoto yake bukata? Takardar A4 faɗinta santimita 21. In ka bar gefe 2,5 dama da hagu, wurin rubutu ya rage santimita 16. Don bugawa a injin ofis, Word yana ba da 220 ppp, wato ɗigo 220 a kowane inci, inci kuwa santimita 2,54 ne. In ka raba, kowane santimita na son fiksel kusan 87. Ni na zagaye shi zuwa 90 don lissafin kai ya yi sauƙi. Hoton da zai cika faɗin shafi, 16 sau 90, fiksel 1440 sun ishe shi. Wanda za a jera biyu-biyu, santimita 8 kowanne, 720 kawai yake so. Ku dubi tazarar da ke tsakanin 720 da 4000. Duk abin da ya hau kai kaya ne da injin bugawa ba zai nuna ba, kuɗin haɗi kawai yake ci.

Abin da ya ɗaure mini kai da farko shi ne, Word da kansa yakan matse hotuna lokacin ajiya, to me ya hana shi a nan? Amsar tana cikin Fichier, Options, Options avancées, ƙarƙashin Taille et qualité de l'image. Akwai akwatin Ne pas compresser les images dans un fichier, kuma a takardar nan an sa masa alama. Na cire ta.

Matsewar kanta ba ta da wuya. Ka danna hoto ɗaya, ka shiga Format de l'image, ka zaɓi Compresser les images. Akwati na farko yana cewa a yi wa wannan hoton shi kaɗai. Cire alamarsa don aikin ya shafi duka. Na biyu, Supprimer les zones de rognage des images, bar shi da alama. Wannan yana da dalili biyu. In ka datse gefen hoto a Word, ɓoye shi kawai ya yi, nauyin na nan, kuma wanda ka tura wa zai iya dawo da abin da ka datse. A ɗaya daga hotunan an yanke wani bawan Allah da ke barci kan buhu, ina jin ba zai so ya isa Yamai ba. Daga nan ka zaɓi 220 ppp in za a buga, 150 in a allo kawai za a karanta. Ban son 96 ga rahoto, fuskoki suna dagulewa. Na ajiye da sabon suna, rahoton ya dawo ƙasa da mega bakwai.

Sabon sunan nan kada ku yi wasa da shi, domin matsewa ba ta komawa baya bayan an ajiye an rufe. Kuma Word yana lissafin matsewar ne da girman da hoton yake da shi a shafi a lokacin. In ka matse shi yana santimita 5, gobe shugaba ya ce a faɗaɗa shi ya cika shafi, fiksel ɗari huɗu da ƴan kai za ka shimfiɗa kan santimita 16, sai ya fito dishi-dishi. Saboda haka a gama tsara shafuka tukuna, matsewa ta zo ƙarshe, hotunan asali kuma su zauna a jakarsu daban.

Hoton bangon rahoton shi ne ya ƙi gyaruwa. Tun kafin in matse komai yana da hazo, rubutun allon ƙungiyar da ke bayan mutane ba ya karantuwa. Na fitar da shi daga media zuwa wata jaka, na danna dama, Propriétés, Détails: faɗinsa 640. An ja shi ya cika santimita 16, wato fiksel 40 a santimita maimakon 90. Ya bi ta hannu da yawa a WhatsApp, wani ma ya ɗauki hoton allonsa ya datse kafin ya turo. Irin wannan babu maɓallin da zai dawo da abin da ya ɓace. Ƙara masa kaifi sai dai ya fito da tabon. Mafita biyu ce: a rage shi zuwa santimita 7 inda zai yi kyau, ko a nemo na asali. Malam sakatare ya kira yaron da ya ɗauka, muka ce ya turo shi ta Document, ba ta wurin hotuna ba, domin ta nan WhatsApp ba ya matse shi. Ya iso da fiksel 4000 ɗinsa, allon ya karantu.

A ganina abin da ya fi duka shi ne a rage hoto tun kafin ya shiga takarda. Paint ma ya isa: Redimensionner, ka zaɓi Pixels, ka rubuta 1600 a faɗi, ka tabbata tsayin yana bin faɗin da kansa don kada mutane su zama gajeru masu faɗi, ka ajiye kwafi. Sannan ka shigar da shi ta Insertion, Images, ba kwafa da liƙawa ba. Na zaɓi 1600 ne don ya bar ɗan sarari in an datse gefe.

Abin da nake gwadawa yanzu shi ne fitar da PDF, in buga shafi ɗaya da Standard, ɗaya da Taille minimale, in ajiye su gefe da gefe in ga ko rubutun da ke jikin buhunan albasar zai tsira a na biyun.