Abin da lissafin ƙarfin jirgin dakon kaya ya koya mini

Yanzu da na bar wurin da nake rubuta manhaja wa masu dakon kaya ta ruwa, ina ganin ya dace in rubuta bayanin wani lissafi guda da ya haɗa ni da shugaban sashenmu, domin waɗanda suka gaji aikin za su tarar da shi a cikin manhajar, kuma ba lalle ne a gaya musu dalilin da ya sa aka rubuta shi yadda yake ba.

Matsalar a sauƙaƙe ita ce: kaya suna jere a layi, kowanne da nauyinsa, jirgi yana yin sawu ɗaya a rana, ba a tsallake kaya a ɗauki na bayansa, ba a kuma farke ƙunshi a raba shi biyu. An ba da wa'adin kwanakin da dole a kwashe komai, ana so a san mafi ƙarancin ƙarfin jirgin da zai isa, tunda kuɗin haya yana hawa ne gwargwadon girman jirgi. Masu shirin neman aikin rubuta manhaja sun san ta a matsayin tambaya mai lamba 1011 a dandalin LeetCode, amma mu a wurinmu kuɗin mutane ne a ciki.

Shugaban namu ya kafe a kan cewa lissafin 'yan firamare ne: a tara nauyin duka, a raba da yawan kwanaki, a cike abin da ya saura zuwa sama. Da na nuna masa cewa hakan ba zai isa ba, amsarsa ita ce, "Malam, ba gasar lissafi muka zo yi ba, ka sa abin da na ce." Zan rage alƙaluman domin su zama masu sauƙin bi, amma siffarsu ke nan. A ɗauka kaya takwas ne masu nauyin tan 8, 5, 9, 3, 7, 6, 2 da 4, a jere haka, wa'adin kuma kwana 4. Jimillarsu tan 44, saboda haka lissafinsa ya ba da jirgi mai ɗaukar tan 11.

Idan aka bi lodin rana bayan rana, nan take za a ga inda gizo yake saƙar. A ranar farko an ɗora tan 8, kuma tan 5 da ke biye ba zai shiga ba domin za a kai 13, don haka jirgin ya tashi da gurbin tan 3 a banza. A rana ta biyu an ɗora 5, na 9 bai shiga ba. A ta uku 9 kaɗai ya tafi. Sai a rana ta huɗu ne aka haɗa 3 da 7, wa'adi ya cika, ga kuma tan 12 na kaya zube a bakin ruwa, waɗanda su ma sai sun ci kwana biyu, tunda 6 da 2 da 4 sun zarce 11 da tan ɗaya. Kwana 6 ke nan a maimakon 4. Rabon jimilla da kwanaki yana ɗauka ne cewa kowace rana jirgi zai cika maƙil, alhali kayan da ba a rabawa ba a kuma sauya musu layi suna barin gurbi kusan kullum. Iyakar abin da wannan lissafin yake faɗa shi ne cewa ƙasa da 11 ba zai taɓa yiwuwa ba. Bai ce 11 zai yiwu ba.

Abin da ya kwance mini matsalar shi ne juya tambayar. Neman mafi ƙarancin ƙarfi kai tsaye yana da wuya, amma idan aka miƙo mini wani ƙarfi aka ce ko zai isa, amsar tana samuwa da bin layin sau ɗaya kawai: a yi ta ɗorawa har sai kaya na gaba ya ƙi shiga, a buɗe sabuwar rana, a ƙarshe a ƙirga ranakun. Cika jirgi iya iyawa a kowace rana ba ya taɓa jawo asara a nan, domin duk kayan da aka bari yau alhali da gurbinsa, nauyi ne kawai aka ƙara wa gobe. Sannan akwai wata gaskiya wadda komai ya rataya a kanta, wato idan jirgi mai wani ƙarfi ya isa, duk wanda ya fi shi girma ma zai isa, tunda zai iya maimaita lodin ƙaramin yadda yake. Wannan yana nufin cewa idan aka jera ƙarfin jirage daga ƙarami zuwa babba, amsoshin za su fara da "bai isa ba" har zuwa wani wuri, daga nan su koma "ya isa" ba tare da sake juyawa ba. Wannan kan iyakar ake nema, kuma ana samun ta da binciken raba biyu, wato a gwada lambar da ke tsakiya, a yar da rabin da amsar ba ta ciki, a yi ta maimaitawa. Abin da ya kan rikita sabon shiga shi ne cewa ba a cikin kayan ake binciken ba, ba a kuma jera su daga ƙarami zuwa babba ba. A cikin amsoshin da za su iya yiwuwa ake yin sa.

```python
def kwanaki(kaya, iyaka):
    rana, lodi = 1, 0
    for nauyi in kaya:
        if lodi + nauyi > iyaka:
            rana += 1
            lodi = 0
        lodi += nauyi
    return rana

def mafi_karanci(kaya, waadi):
    kasa, sama = max(kaya), sum(kaya)
    while kasa < sama:
        tsaka = (kasa + sama) // 2
        if kwanaki(kaya, tsaka) <= waadi:
            sama = tsaka
        else:
            kasa = tsaka + 1
    return kasa
```

A misalinmu ana farawa da 9 a ƙasa, domin jirgin da ba zai iya ɗaukar mafi nauyin kaya ba babu amfaninsa ko da wa'adin shekara ne, da kuma 44 a sama, wanda zai kwashe komai a sawu ɗaya. Tsakiyarsu 26, wanda yake gamawa a kwana 2, don haka sama ta sauko 26. Gwaji na gaba 17 ne, kuma ya ba da kwana 4 daidai, sama ta koma 17. Sai 13, inda 8 da 5 suka tafi tare, 9 da 3 tare, 7 da 6 tare, 2 da 4 tare, kwana 4 kuma. Daga nan aka gwada 11 aka samu kwana 6, ƙasa ta hau 12. Aka gwada 12 aka samu kwana 5, ƙasa ta hau 13 ta haɗu da sama. Amsar tan 13 ce, bayan gwaji biyar a cikin lambobi 36 da za su iya zama amsa.

Ina so a lura da gwaji na biyu, domin a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Wanda ya saba da binciken raba biyu na neman lamba a cikin jeri ya saba tsayawa da zarar ya ci karo da abin da yake nema, saboda haka da ya ga 17 ya ba da kwana 4 daidai da wa'adi sai ya ce an gama. Jirgi mai tan 17 zai kai kayan a kan lokaci, babu wanda zai yi ƙorafi, amma an biya hayar tan 4 da ba a buƙata, kuma irin wannan ɓarnar ba ta taɓa bayyana kanta. Duk ƙarfin da ke tsakanin 13 da 17 kwana 4 yake bayarwa. Shi ya sa idan gwaji ya yi nasara ake ajiye shi a matsayin sama a ci gaba da dubawa a ƙasansa, ba a kuma jefar da shi da `tsaka - 1` ba, domin mai yiwuwa shi ne amsar, kamar yadda 13 ya zama.

Iyakar ƙasa ma tana da nata tarkon. Aikin `kwanaki` yadda na rubuta shi ba ya tambaya ko kaya guda ya fi ƙarfin jirgin. Buɗe sabuwar rana kawai yake yi ya ɗora shi. Idan wani ya fara `kasa` daga 1, ko daga rabon jimilla kaɗai, aka kuma ba da wa'adin kwana 8 a kan waɗannan kayan, aikin zai ce jirgi mai tan 8 ya gama a kwana 7, alhali a rana ta uku ya ɗora masa kayan tan 9. Manhajar ba za ta yi kuka ba, lamba za ta fitar mai kama da gaskiya. Hanyar kama shi ita ce gwaji biyu masu arha: idan wa'adi ya kai yawan kayan, dole amsa ta zama nauyin mafi girma, idan kuma wa'adi kwana 1 ne, dole ta zama jimilla. Sannan duk amsar da ta fito, a tabbatar ita ta isa, wadda ta gaza ta da ɗaya kuma ba ta isa ba. Wanda ya rubuta `kasa = tsaka` ba tare da ƙarin ɗaya ba kuwa zai gane kansa da wuri, domin da an kai 12 da 13 manhajar za ta yi ta gwada 12 ba iyaka.

Batun sauri bai kai a daɗe a kansa ba. Da kaya 50,000 masu nauyin da bai wuce 500 ba, jimilla ba ta wuce miliyan 25, kuma rabawa biyu-biyu yana cinye wannan tazarar a gwaji 25. A yi lissafi da kilo a cikakkun lambobi, a guji tan mai ɗigo.

Adalci ya sa in faɗi cewa akwai yanayin da 11 ɗin shugabana take zama gaskiya. Da an yarda a sauya layi, 8 zai tafi da 3, 9 da 2, 7 da 4, 6 da 5, kowace rana tan 11 cif. Sai dai yarjejeniyarmu da masu kaya ita ce wanda ya riga zuwa ya riga tafiya, kuma da zarar an cire wannan sharaɗin an shiga wata matsala dabam, ta shirya kaya a cikin mazubai, wadda har yau ba a san hanyar warware ta da sauri a kowane hali ba. A can, bin layi sau ɗaya ba ya ƙara ba da amsar gaskiya, don haka duk wanda aka ce wa ya ƙara damar sauya layi a cikin manhajar, ya sani cewa ba gyaran layi biyu aka ba shi ba. Haka nan lissafin nauyi kaɗai yake kallo. Kaya marasa nauyi masu cin wuri sai an ƙara musu sharaɗin fili a cikin aikin `kwanaki`.

Lokacin da kaya suka kwana a bakin ruwa masu su suka ɗaga murya, rahoton da ya je sama ya ce matsala ce ta manhaja, kuma kowa ya san wanda yake rubuta manhajar. Ba a ambaci saƙon da na aika tun farko da alƙaluman rana-rana a ciki ba. Bayan haka aka umarce ni in mayar da binciken raba biyun da aka sa na cire, aka kuma gabatar da shi a taron sashe a matsayin gyaran da shugabanci ya kawo. Shawarata ga wanda ya gaje ni ita ce, duk lokacin da aka ce ya sauya wannan lissafin, ya nemi umarnin a rubuce, ya kuma haɗa amsarsa da jadawalin lodin kowace rana, domin lambar ƙarshe kaɗai ba ta nuna kayan da za su rage a ƙasa ranar da wa'adi ya cika.