Kalma ɗaya, gyara uku: inda na kwana da littafin Yaya

Daren jiya bayan isha'i muka yanke babi uku na farkon littafin, shafi 38 cif, kuma su ne shafukan da na shafe kwana goma sha ɗaya ina sa wa lanƙwasa, ina raba "zata" zuwa "za ta", ina farautar waƙafi. Duk sun tafi. Ni da bakina na ce a yanke su, shi ya sa ma ba ni da wanda zan yi wa fushi. Ga kuɗin bugawa: shafi 212 a rabin riyal, riyal 106 ke nan, kuma dole in sake bugawa tunda lambobin shafi sun rikice. Ku da kuke fara karɓar rubutun 'yan'uwa da abokai, ga yadda na yi gini tun daga rufi.

Mai littafin ƙawar yayata ce, nan Jidda muka tashi gida kusa da gida, Yaya nake ce mata. Labarin ƙirƙira ne amma a kan tarihin kakanninmu ta ɗora shi: yarinya 'yar shekara bakwai daga ƙasar Sakkwato, iyayenta sun bi ayarin Sarkin Musulmi Attahiru, aka yi yaƙin Burmi a 1903, waɗanda suka tsira suka ci gaba gabas har Sudan, suka zauna a Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar, daga baya ta tsallako teku ta tashar jiragen ruwa ta Sawakin. Babi 23. Da ta miƙo mini cewa ta yi, "Ƙanwata, duba mini kurakurai kawai." Ni kuwa na ɗauki "kurakurai" a ma'anarsa mafi sauƙi, na buɗe shafin farko na fara sa wa k ƙugiya.

Sai da na kai babi na tara na lura ban san abin da labarin ke nema ba, don idona na kan haruffa. Na ajiye biro, na karanta duka a kwana biyu ba tare da na taɓa komai ba, sannan na ɗauki takarda ɗaya na ba kowane babi layi guda: wane ne a ciki, me yake so, me ya canza kafin babin ya ƙare. A babi na ɗaya, na biyu da na uku abu ɗaya na rubuta, babu abin da ya canza. Jika ce a Jidda ta sami tsohuwar adakar kakarta, tana buɗewa tana rufewa tana tunani. Labarin bai motsa ba sai a babi na huɗu, daren da aka ta da yarinyar daga barci aka ce ta ɗauki tabarmarta. Wannan shi nake kira gyaran gini, kuma yanzu na yarda ba a yinsa a jikin rubutu. Wasiƙa na rubuta mata, shafi biyu, na faɗi abin da na gani da dalilina, ban motsa jimla ko ɗaya ba, domin rushe ɗaki da ƙara ɗaki hukuncin mai gida ne. Kwana biyar ba ta amsa ba. Har na fara tunanin yadda za mu haɗa ido a wurin biki.

To, ba ma wannan ne ya fi ba ni wahala ba. Kalma ɗaya ce ta hana ni barci, kuma ita ta koya mini iyakar gyare-gyaren uku: na gini, na kunne da na ƙa'ida.

Kun san yadda muke magana a nan, Hausa ce amma Larabci na leƙowa ta ko'ina: ya'ani, mushkila, kalas. Yaya ta rubuta yadda take magana, sai "kalas" ta cika littafin. Da na nemo ta da Find sai na ga sau 64, a siffa uku: kalas, khalas, halas. A karon farko abin da na yi shi ne na zaɓi ɗaya na daidaita sauran, na shigar da ita a takardar da nake tara irin waɗannan hukunce-hukunce, inda na riga na rubuta cewa 'y za mu yi amfani da ita irin ta Nijeriya ba ƴ ta Nijar ba, kuma Makka za mu rubuta ba Makkah ba. Wannan gyaran ƙa'ida ne tsantsa. Ba ya bukatar in ji daɗin jimla ko in ƙi ta. Ko dai akwai doka, kamar raba "ba ta" don kada ta zama "bata" mai karatu ya ɗauka "ɓata" ce, ko kuwa babu doka sai a zaɓi hanya ɗaya a tsaya a kanta har ƙarshe. Na daidaita duka 64 ina jin kaina gwana.

A karatu na biyu, da ƙarfi nake karantawa don kunne ya taya ido, na iso inda uwar yarinyar ke ce mata a hanyar Burmi, "Kalas, daina kuka." Nan na tsaya. Basakkwatiya a 1903, ba ta taɓa ganin Balarabe ba in ba fatake ba, ina ta samo kalas? Rubutun kalmar daidai yake, ƙa'ida ba ta da ƙorafi, amma ba ta zauna a bakin mai faɗarta ba. Kunne ne ya kama, ba doka ba, saboda haka ban goge ba. A gefe na rubuta: "Yaya, wannan bakinmu ne na Jidda. Ko ta ce 'ya isa hakanan'?" Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, na sa wa 41 alama, har da waɗanda ke bakin mai ba da labari. Wato kashi biyu cikin uku na kalmomin da na ɓata lokaci ina daidaitawa ashe masu fita ne.

Sai ranar da ta zo gida da amsar wasiƙar, muna shan shayi, ta ga alamomin ta ce, "Ke, kakata fa haka take magana. Kalas ba ta barin bakinta." Na ce, "Gaskiya ne Yaya, amma a tsufanta kika san ta, bayan shekara nawa a Sudan da Makka. Tana 'yar bakwai fa?" Ta yi shiru tana juya kofi, can ta ce to ai sai a bar kalmar ta shigo a hankali. Kafin a kwashe kofuna mun tsara abin: babu Larabcin kasuwa ko ɗaya kafin su shiga Sudan, a Mai Wurno yarinyar ce za ta fara kwasowa daga wurin tallan abinci, uwar tana tsawata mata, a babi na 21, da uwar ke jinya, ita da kanta za ta ce "kalas" sau ɗaya tak. Kun ga kalmar ta tashi daga batun harafi, ta wuce batun baki, ta zama ma'aunin nisan da suka yi da gida, kuma hakan ya taɓa babi goma sha biyu. Gyaran gini ke nan, kuma ita ta yanke, ba ni ba. Na ji daɗin wannan zama fiye da yadda zan iya faɗa, har na manta da riyal 106 na ɗan lokaci.

Tun daga ranar, duk abin da ya tsaya mini a rai sai in tambayi kaina wa ke da hukunci a kansa. In ƙa'ida ce, in gyara kai tsaye da Track Changes a kunne. In kunnena ne, in ba da shawara a gefe tare da misali guda. In kuwa gyaran zai sa a taɓa wani babin daban, ba ya shiga gefen shafi ma, wasiƙa yake tafiya.

Na tsakiyan ne mai santsi, musamman da rubutun wanda kake jin nauyinsa. Ga jimlarta: "Sai ta tashi ta miƙe tsaye ta kama hanya ta nufi bakin kogi domin ta je ta ɗebo ruwa saboda babu ruwa a cikin randa." Na mayar da ita "Randa ta ƙafe, sai ta ɗauki tulu ta nufi kogi." Ni dai tawa ta fi mini daɗi har yanzu. Amma Yaya ta ce wannan jerin ta, ta, ta shi ne muryar tsohuwa mai ba da labari da dare, na datse shi na sa mata muryata. Ta yi gaskiya rabi. Muka cire "miƙe tsaye" da "ruwa" na biyu, muka bar jerin. Da na riƙe gyaran a matsayin kuskure, kamar rashin ƙugiya, da na ci zalinta ba tare da na sani ba, ita kuma da ta karɓa don kunya.

Ɗan abin kunya a gefe, don kada wani ya maimaita: na danna Replace All na mayar da kowace "kasa" zuwa "ƙasa". Duk inda mutum ya kasa barci ko ya kasa magana sai ga shi ya ƙasa. Wuri 29 na bi da hannu ina mayarwa. Baki da baƙi, kafa da ƙafa, duk haka suke, ɗaya-ɗaya ake binsu.

Yanzu ga inda na maƙale. Shekaranjiya ina duba shekaru, aikin da nake ɗauka na ƙarshe-ƙarshe ne, sai na ga a babi na 14 yarinyar tana da shekara goma sha biyar, tana tsaye a kan madatsar ruwan Sinnar tana kallon ruwa na zuba, a nan ma ta fara haɗuwa da wanda za ta aura. In tana da bakwai a 1903, goma sha biyar 1911 ke nan. Madatsar kuwa sai 1925 aka gama ta, ita ce ta shayar da gonakin audugar Jazira. A lokacin shekarunta 29. Da farko na kai hannu zan canza lamba kawai, sai na tuna tambayata. In na mayar da ita 'yar ashirin da tara, auren fari ya rushe, haihuwar ɗanta a babi na 16 ta gusa, uwar da ke jinya a babi na 21 ta ƙara shekara goma sha huɗu. In kuma an cire madatsar a mayar da haɗuwar mashigin jirgin kwale-kwale, shekaru sun zauna amma an rasa shafi biyu da suka fi kowane shafi kyau a littafin, kuma na san tana ji da su.

Na goge abin da na fara rubutawa a gefen shafin, na buɗe wasiƙa ta biyu. Layi uku na yi na tsaya, don ban san ta inda zan faɗa mata ba kwana ɗaya bayan ta haƙura da babi uku. Babi na 14 zuwa na 21 kuma ba zan sa musu ko ƙugiya ɗaya ba sai ta amsa.