Yadda Na Ƙara Kilo Bakwai da Kunun Gyaɗa, Ba da Lemon Kwalba Ba

Ni tela ne a Kano, kuma tun tasowata siriri nake. Abin bai fara damuna da gaske ba sai ranar da na tashi daga kan keke zan miƙa wa wani kayansa, jiri ya ɗebe ni, sai da na dafa bango. Washegari na hau sikeli a kemis ɗin unguwarmu, ya nuna kilo 50, tsayina kuwa mita 1.70.

Kafin nan na shafe kusan wata huɗu ina bin shawarar abokai, wai zaƙi ke sa ƙiba. Kullum kwalbar lemo biyu da biskit, wani lokacin da cincin. Ko kilo ɗaya ban ƙara ba. Wani ma ya kawo mini ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe a ƙulle cikin leda. Allah Ya taimake ni, kafin in sha na nuna wa gwaggona, wadda ta yi shekaru tana aikin jinya kafin ta yi ritaya.

Tana gani ta ce, “Ɗan nan, kada ka kuskura. Wannan Dexamethasone ne, maganin wata cuta ce daban. Fuska yake kumburawa, ya tara kitse a ciki, ya bar hannu da ƙafa a tsotse. Yana jawo hawan jini da ciwon sukari, yana cinye ƙashi. Wanda ya daɗe yana sha ma ba a so ya bari farat ɗaya sai da likita.”

Na ce, “To Gwaggo, yaya zan yi?”

Ta ɗauki biro ta yi mini lissafi a bayan ambulan. Ana ninka tsayi da kansa, 1.70 sau 1.70 ya ba da 2.89, sai a raba nauyi da shi. Nawa ya fito 17.3. Ta ce ga baligi, duk abin da ya gaza 18.5 rama ce. Amma ta hana ni fara komai sai na je asibiti, domin rama wani lokacin alama ce ta tarin fuka, ko ciwon sukari, ko tsutsar ciki, ko cutar maƙoƙo mai ƙona abinci da sauri. Ta tambaye ni ko ina tarin da ya wuce mako biyu, ko zufar dare, ko yawan fitsari da ƙishirwa. Babu ko ɗaya. Na je aka gwada jini da bayan gida, aka ba ni maganin tsutsa, sauran duk lafiya. Ashe ciwona bai wuce rashin cin abin kirki ba.

Da muka zauna muka bi yinina daki-daki, sai na ga inda gizo ke saƙar. Ba na karya kumallo, shayi kawai nake kurɓa in fita. Wajen ƙarfe sha biyu yunwa ta taso, in kashe ta da lemo da biskit. Idan aka kawo abincin rana da ƙarfe biyu, cikina ya riga ya cika da ruwa da iska, in yi loma biyar in ture. Kalori shi ne ma’aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, kuma kwalbar lemo ɗaya kalori wajen 150 ce, dukkansa sukari, babu abin gina jiki ko kaɗan, ga shi tana kore mini farantin shinkafa da wake da ya ninka ta sau uku ko huɗu. Wato zaƙin da nake sha don in yi ƙiba shi ne yake hana ni ci.

Kuskurena na farko bayan na gane haka shi ne zafin nama. Na ce a riƙa sa mini malmalar tuwo uku da dare. Kwana uku na yi ina fama da kumburin ciki da ƙwarnafi, ko barci ba na iyawa sosai. Gwaggo ta ce cikin da ya saba da kaɗan ba a yi masa dole. Dabarar ita ce kada a ƙara girman kwano, a ƙara wa kowace loma nauyi, sannan a ƙara yawan lokutan ci daga biyu zuwa biyar. Abin da ake nema kalori 300 zuwa 500 ne a kan abin da jiki ke ƙonawa kullum, shi ke ba da kwatan kilo zuwa rabin kilo a mako.

Kunun gyaɗa shi ne ginshiƙin abin. Da asuba ana dama mini kofi ɗaya da markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali biyu na cin abinci, cike, da madarar gari mai maiƙo cokali biyu, a ɗaure shi da gasarar shinkafa, a sa ruwan tsamiya. Gyaɗar kaɗai kalori kusan 190 ce, kofin gaba ɗaya ya kai wajen 350. Sukari ƙaramin cokali ɗaya nake sawa, wani lokacin babu. Amfanin kunu shi ne ruwa-ruwa ne, yana wucewa ko ba ka jin yunwa, kuma ba ya zama a ciki kamar tuwo. Ina haɗa shi da dafaffen ƙwai biyu, ko ƙosai idan ƙwai ya yi tsada.

Da rana, a kan shinkafa da wakena na kullum nake zuba ƙarin man gyaɗa cokali ɗaya. Ba ya ƙara wa abincin yawa a ido, amma kalori 120 ne. Na kuma daina shan ruwa dab da cin abinci, sai bayan na gama. Bayan la’asar ina cin soyayyar gyaɗa cikin tafin hannu da dabino uku, wasu ranakun awara ko fura da kindirmo. Idan aka haɗa ƙarin duka ya kai wajen 850, a cire kusan 400 na lemo da biskit da na bari, saura 450 ke nan.

Wani abu da ya kamata mai cin gyaɗa kullum ya sani: a tsince ta da kyau. Duk wadda ta yanƙwane, ta canza launi, ko take ɗaci ko warin gumi, a zubar. Funfunar da ke kama gyaɗar da ba ta bushe ba tana da dafi mai lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da shi. Ƙuli-ƙuli kuma yana da abin gina jiki sosai, sai dai an matse yawancin mansa, don haka ban ɗauke shi a madadin gyaɗar ba.

Saboda aikina na zama ne, Gwaggo ta ce in ban motsa ba tumbi kawai zan ajiye. Sau uku a mako, bayan sallar asuba, nakan ɗaga jarkar ruwa mai lita goma sau goma, in huta, in maimaita har zagaye uku, sannan in yi tashi-tsuguna. Ranar da na yi wannan, yunwar rana takan zo da kanta.

Awo sau ɗaya nake yi a mako, ranar Asabar da safe kafin in ci komai, a sikeli ɗaya, in rubuta a littafin awon kwastomomi. Makonni biyun farko allurar ba ta motsa ba, har na fara karaya. A na uku ta nuna 50.5. Daga nan abin ya riƙa hawa a hankali, sai lokacin ɗinkin Sallah, da muke kwana a shago ina mantawa da cin la’asar, na sauke kilo ɗaya cikin mako uku. Maganin da na yi shi ne ajiye kwalbar gyaɗa a aljihun keken, kusa da almakashi, inda hannuna ke kaiwa kullum.

Bayan wata shida sikelin ya nuna kilo 57, lissafin Gwaggo ya koma 19.7. Jirin ya tafi tun a wata na biyu. Yanzu na bar ƙarin man nan na rana saboda ba hawa nake nema ba, amma kunun asuba da gyaɗar la’asar suna nan, kuma har yau ina hawa sikeli ranar Asabar ɗin farko ta kowane wata.