Layi ɗaya da ke faɗin abin da ya sa kake aikinka

Cikin ayyukan da aka ɗora mini a ofis har da tattara taƙaitaccen tarihin waɗanda za su yi jawabi a tarukan horar da manoma da ma'aikatan gona. Kowa zai turo nasa, kalma tamanin zuwa ɗari, ni kuma in daidaita su kafin a buga a littafin taro. Sashen farko ba ya ba da wahala, domin suna ne, da makarantar da mutum ya yi, da inda yake aiki. Inda ake tuntuɓe shi ne jimlar ƙarshe, wadda mutum ke son ya nuna cewa ba albashi kaɗai ya kawo shi ba. A nan za ka ga "mai kishin ci gaban al'umma", "mai burin kawo sauyi", "mai gaskiya da riƙon amana". Yawanci da Turanci ake rubutawa, amma ko da wane harshe ne abin ɗaya ne. Na sha jera tarihin mutum goma a shafi biyu in tarar bakwai ko takwas sun rufe da magana iri ɗaya, kamar sun haɗa baki.

Ban ɗauki masu rubuta haka a matsayin maƙaryata ba. Da yawansu na san su, kuma na san kishin nasu na gaske ne. Kunya ce ke tura su can. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kirari kuwa wani ke yi maka, ba kai ke yi wa kanka ba. To idan fom ya tilasta wa mutum ya faɗi abin da ya damu da shi, sai ya nemi jimlar da kowa ke faɗa ya ɓuya a cikinta, don babu wanda zai ce ya yi fahariya. Abin takaicin shi ne jimlar ta fi zama yabon kai fiye da wadda ya guje wa, domin siffa ce tsura ya ba kansa, babu wani aiki a bayanta da za a duba.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, halin mutum ba ya fitowa a rubuce sai ta hanyar wani zaɓi da ya yi, musamman zaɓin da ya ci masa wani abu: lokaci, ko kuɗi, ko ciniki, ko fushin wani. Bari in nuna da wani malamin gona matashi da ya turo mini nasa. Ya karanci aikin gona, yana aiki da ƙungiyoyin masu noman wake a ƙauyuka, kuma zai yi magana a kan ajiyar amfanin gona. Ga yadda ya rufe tarihinsa: "Matashi ne mai kishin bunƙasa noma da inganta rayuwar manoma." Na kira shi na ce, ƙanena, wane malamin gona ne a duk arewa ba zai sa hannu a ƙarƙashin jimlar nan ba? Ya yi dariya ya ce, "Yaya, to me zan ce? Ai gaskiya ce." Na ce gaskiya ce, amma ta kowa ce.

Ban tambaye shi abin da ya yi imani da shi ba, domin amsar wannan tambaya koyaushe taken kamfe take fitowa. Na tambaye shi mene ne yake yi a wurin aiki wanda ba a sa shi ba, kuma mene ne yake ƙin yi ko da an matsa masa. Sai ya ce shi ba ya nuna wa manomi yadda ake zuba fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a cikin waken da za a ci, ko da manomin ya roƙe shi, ko da dillalin magani ya yi masa alkawarin wani abu. Buhun PICS yake koya musu, wato buhun nan mai leda biyu a ciki da buhu na uku a waje, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar. Idan waken ya bushe sosai aka ɗaure kowace leda daban, iska ta daina shiga, ƙwarin sai su mutu ba tare da an sa magani ba. Na tambaye shi dalili. Ya ce a gidansu ya tashi yana ganin ana sayar da wake da kaka a farashin banza saboda tsoron ƙwari su huda shi, sannan bazara ta yi a koma kasuwa a sayo tiya da tsada, ba a san abin da aka zuba mata ba. Kuma ba shi kaɗai ke faɗin wannan damuwa ba, tunda a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

Daga hirar nan ta 'yan mintoci muka fitar da wannan: "Yana koya wa manoma ajiye wake a buhu mai hana iska maimakon zuba masa magani, domin ya tashi a gidan da ake sayar da wake da arha da kaka saboda tsoron ƙwari." Babu kalmar kishi a ciki, babu amana, babu al'umma. Mai karatu da kansa zai gane cewa mutumin ya damu da lafiyar mai cin waken da kuma aljihun mai noma shi. Jimlar tana da aikin da yake yi, da abin da ya bari, da kuma inda abin ya samo asali. Ba lallai ne kowace jimla ta ƙunshi duka ukun ba, amma idan babu ko ɗaya, take ce kawai.

Tun daga nan, duk jimlar da aka turo mini sai na gwada ta da abu biyu. Na farko, in juya ta in ga ko akwai mai hankalin da zai faɗi akasinta. Babu wanda zai rubuta cewa shi ba ya son ci gaban al'umma, saboda haka faɗin cewa kana so bai bambanta ka da kowa ba. Amma akwai malaman gona na kirki da suke ganin magani, idan an bi ƙa'idarsa, yana da muhallinsa a manyan rumbuna. Jimlar ƙanen nan nawa ta tsaya a wani gefe da za a iya yin muhawara a kai, shi ya sa take da nauyi. Na biyu, in ɗauka ina cikin masu yi wa mutumin tambayoyin ɗaukar aiki, in karanta masa jimlar in ce, "Ba mu labarin ranar da ka yi haka." Idan zai iya ambaton ƙauye da lokaci da abin da ya faru ba tare da inda-inda ba, jimlar tasa ce. Idan sai ya tsaya ƙirƙira, a goge ta. Wannan gwajin ba wasa ba ne, domin masu tantance mutane a shirye-shiryen tallafin karatu irin su Chevening na Birtaniya misalai suke nema daga abin da mutum ya riga ya yi, kuma abin da ka rubuta da hannunka shi za a jefo maka.

Akwai hanyar da wannan shawara take lalacewa, kuma ita ce ta fi damuna. Da zarar mutane sun ji cewa dalili daga rayuwa yana aiki, sai a fara neman labari mai ban tausayi. Ma'aikaciyar lafiya ta kawo rasuwar wata 'yar uwa wajen haihuwa, malamin makaranta ya ce shi ma da ƙyar ya yi karatu. Idan gaskiya ce kuma mutum ya yarda duniya ta sani, babu laifi, amma ya tuna cewa tarihin nan za a kwafe shi daga littafin taro zuwa shafukan intanet, zai iya bin sa shekaru, kuma sirrin gida ba nasa ba ne shi kaɗai. Labarin majinyaci ko ɗalibi da za a iya gane shi kuwa, ba ya shiga ko kaɗan. Idan kuma ƙarin gishiri ne, ana gane shi, domin labarin yakan fi aikin girma: jimla uku a kan wahala, rabin jimla a kan abin da mutum ke yi yanzu. Sau da yawa dalilin gaskiya ƙarami ne. Akawun da ya ce yana rufe lissafin kowace rana kafin ya tashi, don kada direbobi su jira kuɗin mansu har mako, ya faɗi komai game da riƙon amanarsa.

Maganar tsoron Allah ma tana yawan zuwa, kuma ina taka-tsantsan da ita. Ga da yawanmu shi ne ainihin dalilin, ba na kuma ce wa kowa ya ɓoye addininsa. Sai dai abu ne na zuci wanda mai karatu ba shi da hanyar dubawa, kuma wasu da kansu suna jin nauyin rubuta shi don gudun riya. Nakan ce wa mutum ya faɗi abin da tsoron Allahn ya sa shi yi ko ya hana shi yi a wurin aiki, kamar mai awon da ke barin mai kaya ya duba sikeli da idonsa kafin a ɗora buhu.

Wurin da jimlar ke zama ma yana da tasiri. Bayan an gama faɗin aiki da ƙwarewa take zuwa, domin sai an san kai wane ne ake damuwa da dalilinka, kuma guda ɗaya ta isa. A littafin taro ana rubuta ta da "yana" ko "tana", a LinkedIn kuwa "ina" ya fi dacewa, tunda kowa ya san kai ka rubuta. Inda wuri ya yi kaɗan, kamar gurbin tarihin mutum a shafin X mai harafi 160 ko na Instagram mai 150, dalilin ne ke fara fita, a bar aikin da zaɓin: "Malamin gona. Ina koya wa manoma ajiye wake ba tare da magani ba." Wanda bai daɗe da gama makaranta ba, ya duba shekarar bautar ƙasarsa ko binciken da ya yi na kammala karatu, galibi akwai wani abu da ya nace a kai ba don maki ba. Idan mun zauna mun duba ba mu samu ba, nakan buga tarihin ba tare da jimlar ba, mu jira taro na gaba.