Turawan da ba su zo daga Ingila ba

Lokacin da nake aikin kundin digirina, an ba ni wata tsohuwar wasiƙa ta ajami in mayar da ita boko. Ba ta da kwanan wata. Wani falke ne yake sanar da ɗan'uwansa cewa ya karɓi kaya a hannun Turawa, ana bin sa "kuɗi zambar hamsin". Ina ganin kalmar Turawa na rubuta a gefe cewa an yi wasiƙar bayan 1903, shekarar da sojan Ingila suka ci Kano. Har da jan layi.

Malamina ya duba, ya ce, "Kai ɗan Kano ne ko? Su wa suka zauna a Dandalin Turawa?" Na yi shiru. Waɗanda suka zauna a wannan tsohuwar unguwa ta Kano Larabawa ne, fataken Ghadames da Tarabulus masu ratso Sahara da hajja. Su ake kira Turawa a da, mutanen Turai kuwa an fi ce musu Nasara. Daga baya ne sunan ya tashi daga kan Balarabe ya koma kan ɗan mulkin mallaka. Ashe wasiƙar tana iya girme hasashena da shekaru masu yawa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne amsar tana cikin layin, na tsallake ta. "Kuɗi" jam'in "wuri" ne, ɗan ƙwanson nan na teku da ake ciniki da shi a da, wato falken yana maganar wuri dubu hamsin ne, ƙirgarsu ɗaya bayan ɗaya. Har gobe muna cewa "wuri na gugar wuri" ba tare da mun tuna da wannan ba. Keso guda wuri dubu ashirin ne, don haka bashin keso biyu da rabi ke nan. Barth, matafiyi Bajamushe da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. A wannan farashi bashin dala ashirin ne. Sai dai darajar wuri ta yi ta zubewa zuwa ƙarshen ƙarnin, saboda haka lissafin ba ya tsayawa sai an san shekarar.

Kalmar da ban sani ba, irin su keso, ba ta taɓa kayar da ni ba, domin dole in tashi in buɗe ƙamus na Bargery na 1934. Wadda nake furtawa kullum ce take wucewa ban tambaye ta komai ba. Ita kanta dalar haka take: azurfa ce a zamanin Barth, ta koma sule biyu a Najeriyar Turawa, a Maraɗi kuma yau sefa biyar ce.

Malam ya mayar mini da takardar, ya ce, "Je ka goge 1903 ɗin nan. Ka duba sauran wasiƙun ko akwai inda aka ambaci sule ko fam, sannan mu yi maganar shekara."