Wa Zai Kwashe Masarar? Yadda Na Fassara Sashe Na 7 Na Wata Kwangila A Legas

Wani ɗan kasuwa da nake wa aikin takardu a Agege ya samu kwangilar kai wa wani kamfanin abincin kaji masara, buhu 600 mai kilo 100, lodin tirela biyu ke nan daga Dawanau zuwa Legas. Alhaji yana jin Turancin kasuwa sarai, yana ciniki da Yarabanci ma, amma Turancin lauyoyi wani abu ne daban. Ya ce yana son takardar da Hausa kafin ya sa hannu, don ya karanta da kansa, ya kuma tura wa ƙaninsa da ke yi masa saye a Kano. Yawancin takardar ban sha wahalarta ba. Sashe na 7 ne ya zaunar da ni, ga shi kamar yadda aka turo:

```
7.1 The Supplier shall deliver the Goods to the Buyer's warehouse within 10 days of the Order.
7.2 The Buyer may reject any Goods with moisture content above 14%, provided that written notice shall be given within 48 hours of delivery, failing which the Goods shall be deemed accepted.
7.3 Rejected Goods shall be removed within 3 days.
```

Kalmar shall ta fito sau huɗu a nan, may sau ɗaya. Wanda ya yi makarantar boko ya san an koya mana shall a matsayin "zan" da "za mu", shi ya sa hannu ke saurin rubuta "Mai Kawo Kaya zai kai kayan". Matsalar ita ce "zai" a bakin Bahaushe labarin abin da ake sa ran faruwarsa ne. Direba ya ce zai iso Legas ranar Laraba, ya iso Juma'a, babu wanda zai ce ya karya doka, sai dai a ce hanya ce. A takardar yarjejeniya kuwa, shall da ke biye da sunan mutum nauyi ce aka ɗora masa, in bai sauke ba ya saɓa kwangila, ana iya bin sa diyya. Kotunan Najeriya sun daɗe suna karanta ta haka a galibin lokuta. A shari'ar Ifezue da Mbadugha ta 1984, Kotun Ƙoli ta ce shall ɗin da ke tsarin mulkin 1979, wadda ta ba alƙali wata uku ya yanke hukunci bayan kammala sauraro, umarni ce ba shawara ba.

Saboda haka a 7.1 na rubuta: "Wajibi ne a kan Mai Kawo Kaya ya kai Kayan sito na Mai Saye cikin kwana 10 daga ranar Oda." Na fi son "wajibi" a kan "dole" ko "tilas", duk da ukun suna aiki, domin duk wanda ya zauna gaban malami ya san iyakar wajibi, ya san bambancinsa da mustahabbi, ya san barinsa yana da sakamako. "Ya kamata" kuwa ba na bari ta shiga takarda irin wannan ko da wasa. Na sha ganinta a fassarorin da ake kawo mini in duba, mai fassara yana ganin ladabi ya yi, alhali ya mayar da wajibi nasiha.

Sai may ta 7.2. Ita zaɓi take bayarwa, kuma Mai Saye kaɗai ta ba. Hanyoyin ɓata ta uku na gani a gabana. In na ce "Mai Saye zai mayar da kayan", na ɗora wa kamfanin nauyin da ba a ɗora masa ba, Alhaji kuma zai ɗauka duk masarar da laimarta ta kai kashi 15 ta dawo ke nan, babu zancen a zauna a rage farashi, alhali takardar ta bar wannan ƙofa a buɗe. In na ce "ƙila Mai Saye ya mayar", na mayar da haƙƙi hasashe. Ta ukun ta fi daɗin faɗa, ta kuma fi haɗari: "Mai Saye zai mayar in ya ga dama." Bahaushe na jin "in ya ga dama" ya san babu mai tambayar dalili. Amma zaɓin kamfanin a ɗaure yake da sharaɗi, sai laima ta wuce kashi 14 cikin 100. Masara mai kashi 13 ba shi da ikon ƙin ta a ƙarƙashin wannan sashe, ko da farashi ya faɗi a kasuwa yana neman hanyar zillewa. Na tsaya a kan "yana da damar ƙin karɓar", na kuma manna sharaɗin a jikinta ba tare da waƙafi ya raba su ba. "Zai iya" ma ana amfani da ita, ba kuma kuskure ba ce, sai dai tana ɗaukar iyawa da yiwuwa da izini duka a ciki ɗaya, ni kuwa izinin kaɗai nake so.

Inda na fi daɗewa shi ne sauran shall guda biyu na 7.2, don babu wadda take nufin "wajibi ne" a cikinsu. Ta farko tana bayan provided that. A duba da kyau: in kamfanin bai ba da sanarwa cikin awa 48 ba, ya saɓa kwangila ne? A'a. Alhaji ba zai kai shi kotu don bai rubuto takarda ba, murna ma zai yi. Abin da zai faru kawai shi ne kamfanin ya rasa damarsa ta ƙin kayan. Wato sanarwar sharaɗin cin moriyar zaɓin ce. Da na rubuta "wajibi ne Mai Saye ya ba da sanarwa", da ƙanin Alhaji a Kano ya fahimci cewa kowane lodi sai an rubuto musu takarda, in ba a rubuto ba a fara waya ana cigiya. Ta biyun, shall be deemed, ba ta umartar kowa da komai. Hukunci take faɗa: in awa 48 ta wuce shiru, a idon yarjejeniya an karɓi kaya, ko da buhunan suna jibge a bakin ƙofa ba a taɓa su ba. A nan "za a" ta dace, domin sakamako ake bayyanawa. Ga yadda sashen ya fita:

"Mai Saye yana da damar ƙin karɓar duk Kayan da laimarsu ta wuce kashi 14 cikin 100, da sharaɗin a ba da sanarwa a rubuce cikin awa 48 daga kai Kayan, idan ba a ba da ita ba, za a ɗauka an karɓi Kayan."

Za a lura na ce "a ba da sanarwa", ban ce "ya ba da" ba. Turancin bai ambaci mai bayarwa ba, ko da yake kowa ya san Mai Saye ne. Akwai kuma wani dalili na Hausar kanta. Mai Saye "ya" ne, Mai Kawo Kaya "ya" ne, kamfani ma "ya" ne. Jimla ta yi tsawo kaɗan, sai ka ga "ya" uku a jere ba a san na wa da wa ba. Shi ya sa a kwangila nake maimaita cikakken suna duk inda nauyi ko dama ta faɗa kan wani, ko da rubutun zai yi nauyin karantawa. Malamin Hausa zai ja mini jan biro a kan wannan maimaici, amma ba shi zai biya kuɗin tirela ba.

A 7.3 wannan "a" ɗin ta yi mini babbar rana. Shall ɗin nan wajibi ce ta gaske, amma a kan wa? Jimlar ba ta faɗa ba. Na rubuta: "Wajibi ne a kwashe Kayan da aka ƙi karɓa cikin kwana 3." Da na kai wa Alhaji a shagonsa, yana karantawa da yatsa a kan layi, yana isowa nan ya ɗago.

"Malam, wa zai kwashe?"

"Ranka ya daɗe, takardar ba ta faɗa ba."

"To ai kai ka san Turanci. Me suke nufi?"

Na ce masa in hasashe yake so, mai kaya suke nufi, don haka aka saba. Amma in na rubuta sunansa a wurin, na ɗora masa abin da takardar ba ta fito fili ta ɗora masa ba, in kuma na rubuta sunan kamfanin, na ba shi kwanciyar hankalin ƙarya. Abu ne mai kuɗi a ciki: 'yan dako su sake loda buhu 300, a nemo mota a Legas cikin gaggawa, a nemo inda za a ajiye masara mai laima kafin ta yi funfuna. Na kuma nuna masa cewa kwana ukun ma ba a ce daga yaushe za a fara ƙirga su ba, daga ranar kai kaya ne ko daga ranar sanarwa. Waɗannan biyun na rubuta su a wata takarda daban mai taken tambayoyi ga lauya, ban cusa su cikin fassarar ba. Gyaran kwangila aikin lauya ne da masu yarjejeniyar. Nawa shi ne giɓin da ke cikin Turancin ya fito a Hausar da girmansa, yadda mai karatu zai yi tuntuɓe da shi kamar yadda Alhaji ya yi.

Kafin in miƙa aiki akwai gwajin da nake yi, a nan ma na yi shi. Nakan ba wanda bai ga Turancin ba Hausar kaɗai, in yi masa tambaya uku a kan kowace jimla: wa aka tilasta wa, wa aka ba zaɓi, me zai faru in ba a yi ba. Yaron shagon Alhaji na ba. A 7.1 ya ce mai gida ne, in ya makara laifinsa ne. A 7.2 ya ce kamfani na iya ƙi, na iya karɓa, amma in ya yi shiru kwana biyu magana ta ƙare. A 7.3 ya juya takardar yana neman ci gaba a baya. Amsoshinsa sun yi daidai da abin da na fitar daga Turancin, har da inda babu amsa.

Wani abu da na ja hankalin Alhaji a kai shi ne sashen ƙarshe, wanda ya ce in an samu saɓani tsakanin kwafin Turanci da wata fassara, na Turanci za a bi. Ke nan Hausar ba za ta cece shi a gaban alƙali ba, amfaninta shi ne ya san abin da yake sa wa hannu. Can ƙasa kuma akwai may not a sashen da ya hana miƙa kwangilar ga wani. Wannan hani ne tsantsa, na rubuta "ba shi da izinin", domin "ƙila ba zai" za ta sa ya ɗauka yana iya ba wani abokinsa na Mil 12 rabin odar in kaya sun yi masa yawa.

Lauyan Alhaji ya rubuta wa kamfanin a kan 7.3. Suka dawo da sabon layi da ya ambaci Mai Kawo Kaya ƙarara, kuɗin kwashewa a kansa, amma aka mayar da wa'adin kwana 5 daga ranar da sanarwa ta iso hannunsa. Sai a lokacin na goge "a kwashe", na rubuta "Wajibi ne a kan Mai Kawo Kaya ya kwashe", Alhaji kuma ya kira ƙaninsa ya ce kada a ɗinke bakin buhu ko ɗaya sai an gwada laimarsa da na'ura tun a Dawanau.